Bishiyar Fenwick: yadda ƙaramin bit ke nuna gurabun da za a taɓa

A ce muna da jerin lambobi masu yawa, kuma ana yi mana tambayoyi iri biyu a cakuɗe: wani lokaci a nemi jimillar lambobin daga gurbi na farko zuwa wani gurbi, wani lokaci kuma a ce mu ƙara wani abu a kan lambar da ke wani gurbi. Idan muka bar jerin yadda yake, sauya lamba aiki ne na taki ɗaya, amma neman jimilla sai an bi gurabun ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma muka tanadi jimillar kowane gurbi tun da farko, amsa tambaya ta yi sauƙi, amma da zarar lamba ɗaya ta sauya, sai an gyara duk jimillolin da ke bayanta. Bishiyar Fenwick tana tsakanin waɗannan biyu: kowane aiki yana taɓa gurabe kaɗan, waɗanda ba su wuce adadin bit ɗin da ake buƙata wajen rubuta tsawon jerin ba. A jeri mai gurabe miliyan ɗaya, taki ashirin ne iyaka, domin 2^20 = 1,048,576.

Peter Fenwick na Jami'ar Auckland ne ya wallafa tsarin a 1994, lokacin da yake neman hanyar riƙe ƙididdigar haruffa da ke sauyawa yayin da ake matse bayanai, kuma Boris Ryabko ya riga ya bayyana makamancinsa a 1989. Ko da yake ana kiransa bishiya, babu rassa ko manuniya da ake ajiyewa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Jeri ɗaya ne kawai, kuma lambar kowane gurbi, idan aka rubuta ta a binari, ita ce ke faɗin abin da gurbin ya ɗauka da inda za a dosa daga gare shi.

Mataki na farko: gane ƙaramin bit

Rubuta lamba a binari, sannan ka duba daga hannun dama har ka iske 1 na farko. Darajar wannan wuri ita za mu riƙa kira ƙaramin bit. Lamba 12 a binari ita ce `1100`. 1 na farko daga dama yana wuri na uku, wanda darajarsa 4 ce, don haka ƙaramin bit na 12 shi ne 4. Na 10, wato `1010`, shi ne 2. Na 8, wato `1000`, shi ne 8 kanta. Duk lambar da ba ta rabuwa biyu tana ƙarewa da 1, saboda haka ƙaramin bit ɗinta 1 ne. Wanda ya fi sabawa da rabawa yana iya ɗaukarsa a matsayin mafi girma daga cikin 1, 2, 4, 8, 16 da sauransu da ke raba lambar ba tare da saura ba.

Ana fitar da shi da `i & -i`, kuma yana da kyau a ga dalilin sau ɗaya da ido, don kada ya zama abin hadda kawai. Kwamfuta tana samar da `-i` ne ta hanyar juya kowane bit na `i`, sannan ta ƙara 1. Ga yadda abin yake ga 12 a cikin bit takwas:

```
 i      = 00001100
~i      = 11110011
~i + 1  = 11110100
 i & -i = 00000100
```

Juyawar ta mayar da sifilan da ke wutsiya zuwa ɗaya-ɗaya, ta mayar da 1 na farko zuwa sifili. Da aka ƙara 1, sai riƙon ya ratsa ta cikin ɗaya-ɗayan nan yana mayar da su sifili, har ya tsaya a wurin da 1 na farko yake tun asali. Duk abin da ke hagu da wannan wuri ya zauna a juye, saboda haka idan aka haɗa lambobin biyu da `&`, wuri ɗaya tak ne suke da 1 a tare.

Mataki na biyu: sanin abin da kowane gurbi ya ɗauka

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Gurbi mai lamba `i` yana ɗauke da jimillar wani yanki na asalin jerin, yankin yana ƙarewa a `i`, kuma tsawonsa shi ne ƙaramin bit na `i`. Gurbi na 12 yana ɗauke da lambobi huɗu, daga 9 zuwa 12. Gurbi na 10 yana ɗauke da biyu, 9 da 10. Gurbi na 8 ya kwashe takwas ɗin farko duka, shi kuwa na 11 kansa kawai ya sani. Siffar ta yi kama da zanen da ke jikin rula mai inci, inda layin rabi ya fi na kwata tsawo, na kwata kuma ya fi na ƙasa da shi.

Za mu yi aiki da jeri mai gurabe goma sha biyu. Na zaɓi 12 da gangan maimakon 8 ko 16, domin a ga cewa tsarin ba ya buƙatar tsawon jerin ya zama ninkin biyu-biyu. `a` shi ne asalin jerin, `n` tsawonsa, `t` kuma bishiyar.

```
i     1  2  3   4  5  6  7   8  9 10 11 12
a[i]  3  1  4   2  5  0  6   2  7  1  3  4
i&-i  1  2  1   4  1  2  1   8  1  2  1  4
t[i]  3  4  4  10  5  5  6  23  7  8  3 15
```

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya tabbatar da gurabe biyu ko uku da hannunsa. `t[4]` shi ne 3 + 1 + 4 + 2, wato 10. `t[6]` shi ne 5 + 0, wato 5. `t[12]` shi ne 7 + 1 + 3 + 4, wato 15. A lura kuma cewa ƙidayar ta fara ne daga 1, ba daga sifili ba, kuma za mu dawo kan dalilin haka.

Mataki na uku: neman jimilla ta hanyar cire ƙaramin bit

A ce muna son jimillar gurabe daga 1 zuwa 11. Mun fara da `t[11]`, wanda ya ba mu 3 kuma ya rufe gurbi na 11 shi kaɗai. Abin da ya rage shi ne daga 1 zuwa 10, wato tambaya iri ɗaya amma ƙarama. `t[10]` ya ba mu 8 kuma ya rufe 9 da 10, saura daga 1 zuwa 8. `t[8]` ya ba mu 23 ya kwashe sauran. Jimilla 3 + 8 + 23 = 34, kuma wanda ya tara lambobi goma sha ɗayan da hannu zai sami 34.

A kowane taki, tsawon yankin da muka kammala muke cirewa daga `i`, kuma wannan tsawon shi ne ƙaramin bit. A binari tafiyar ta kasance `1011`, sai `1010`, sai `1000`, sai `0000`: kowane taki yana kashe 1 guda daga dama. Da yake 11 = 8 + 2 + 1, an yanka yankin 1 zuwa 11 gida uku masu tsawon 8, 2 da 1, ba su hau juna ba kuma ba su bar giɓi ba. Daga nan ake sanin yawan aikin tun kafin a fara shi, domin adadin gurabun da za a karanta daidai yake da adadin 1 da ke cikin lambar. Tambayar 8 gurbi ɗaya take karantawa, ita kuwa tambayar 7, wato `111`, uku take karantawa, na 7 da na 6 da na 4, waɗanda suka ba da 6 + 5 + 10 = 21.

```python
def jimilla(i):
    s = 0
    while i > 0:
        s += t[i]
        i -= i & -i
    return s
```

Jimillar yankin da bai fara daga 1 ba ana samunta ne da ragi: daga `l` zuwa `r` ita ce `jimilla(r) - jimilla(l - 1)`. Daga 8 zuwa 11, alal misali, 34 − 21 = 13, wanda ya yi daidai da 2 + 7 + 1 + 3.

Mataki na huɗu: sauya lamba ta hanyar ƙara ƙaramin bit

Wannan ne ɓangaren da mutane suka fi haddacewa ba tare da sun fahimta ba, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. A ce an ƙara 4 a kan `a[5]`. Dole a gyara duk gurbin da yankinsa ya haɗa da 5, kuma kada a taɓa wani banda su. Idan aka duba jadawalin da ido, gurabun su ne na 5, wanda ke ɗauke da kansa, da na 6, wanda ke ɗauke da 5 da 6, da na 8, wanda ke ɗauke da 1 zuwa 8. Na 7 ba ya ciki, domin kansa kawai ya ɗauka; na 12 ma ba ya ciki, domin yankinsa daga 9 ya fara.

Ƙa'idar ƙari tana kai mu ga waɗannan gurabe daidai. Ƙaramin bit na 5 shi ne 1, sai mu je 6. Na 6 shi ne 2, sai mu je 8. Na 8 shi ne 8, sai mu je 16, wanda ya wuce tsawon jerin, sai mu tsaya. Bayan gyaran, `t[5]` ya zama 9, `t[6]` ya zama 9, `t[8]` ya zama 27.

```python
def kara(i, d):
    while i <= n:
        t[i] += d
        i += i & -i
```

Tambayoyi biyu ne ya kamata mai hankali ya yi a nan. Ta farko: me ya tabbatar da cewa gurabun da muka tsallake ba su ɗauke da lambar da ta sauya? Mu ɗauki tsalle daga 8 zuwa 16. Gurabun da ke tsakani su ne 8 + 1, 8 + 2, har zuwa 8 + 7, kuma abin da aka ɗora a kan 8 ya gaza 8, saboda haka yana zaune ne kacokan a wuraren da suke sifili a wutsiyar `1000`. Ƙaramin bit na irin wannan gurbi daga cikin abin da aka ɗora yake fitowa, kuma ba zai fi shi girma ba. Ma'ana, idan gurbin ya miƙa hannu baya gwargwadon ƙaramin bit ɗinsa, iyakarsa ya tsaya a 9. Na 12 ya miƙa huɗu ya tsaya a 9, na 10 ya miƙa biyu ya tsaya a 9, na 14 da zai miƙa biyu ya tsaya a 13. Babu wanda ya isa 8, balle abin da ke bayanta.

Ta biyu: me ya tabbatar da cewa gurbin da muka sauka a kansa yana ɗauke da ita? Idan aka ƙara ƙaramin bit a kan lamba, 1 ɗin nan yana haɗuwa da wani 1, ya zama sifili, riƙo ya wuce hagu. Saboda haka ƙaramin bit na sabuwar lambar ya ninka na tsohuwar aƙalla sau biyu. Daga 6, `0110`, idan aka ƙara `0010`, riƙon ya ci gaba har aka sami `1000`, ƙaramin bit ya tashi daga 2 zuwa 8. Sabon gurbin yana gaba da tsohon da tazarar ƙaramin bit ɗaya, amma yana miƙa hannu baya da aƙalla biyu, don haka ya haɗiye yankin tsohon gaba ɗayansa. Wannan ninkawar kuma ita ce ta sa tafiyar ba ta daɗewa.

Yanzu a haɗa tafiye-tafiyen biyu a ga inda suke gamuwa. Sauyin gurbi na 5 ya taɓa 5, 6 da 8. Tambayar 7 tana karanta 7, 6 da 4, sun gamu a 6 kawai, kuma amsar ta tashi daga 21 zuwa 25. Tambayar 11 tana karanta 11, 10 da 8, sun gamu a 8 kawai, amsar ta tashi daga 34 zuwa 38. Tambayar 4 tana karanta 4 kaɗai, ba su gamu ba, kuma haka ya dace tunda 5 ba ta cikin 1 zuwa 4. Dalilin a fili yake: tambaya tana yanka yankinta gunduwa-gunduwa ba tare da sun hau juna ba, saboda haka lambar da ta sauya tana cikin gunduwa ɗaya tak, ko kuma ba ta cikin ko ɗaya. A ganina, wanda ya riƙe wannan zai iya sake rubuta ayyukan biyu ko da ya manta wanne ne ke ƙari, wanne ne ke ragi.

Mataki na biyar: gina bishiyar daga jerin da ake da shi

Hanya mafi sauƙi ita ce a cika `t` da sifili sannan a kira `kara` ga kowace lamba, kuma ga yawancin ayyuka ta wadatar. Akwai wadda ta fi ta sauri, mai bin jerin sau ɗaya: a kwafi `a` zuwa `t`, sannan kowane gurbi ya miƙa abin da ya tara ga gurbin da ke samansa kai tsaye.

```python
t = [0] + a
for i in range(1, n + 1):
    j = i + (i & -i)
    if j <= n:
        t[j] += t[i]
```

A nan `a` jerin Python ne na yau da kullum mai farawa daga sifili, kuma sifilin da aka sa a gaba shi ne ya tura kowace lamba zuwa gurbinta. Hanyar tana aiki ne domin ana tafiya daga ƙarami zuwa babba, don haka kafin a iso kan gurbi, duk waɗanda ke ƙarƙashinsa sun riga sun miƙo nasu. Gurbi na 8 ya fara da 2, ya karɓi 10 daga na 4, ya karɓi 5 daga na 6, ya karɓi 6 daga na 7, ya cika 23.

Inda ake tuntuɓe, da alamar kowanne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kiran `kara` da sifili. `0 & -0` sifili ne, saboda haka `i` ba ya motsawa, madaukin ba ya ƙarewa, manhajar ta tsaya cik ba tare da wani saƙon kuskure ba. Wannan shi ne dalilin fara ƙidaya daga 1, kuma shi ya sa girman `t` ya zama `n + 1`. Idan bayanan da ke shigowa daga sifili suke ƙidaya, a ƙara 1 a wuri guda, a bakin shiga aikin, maimakon a warwatsa gyaran ko'ina. Akwai wani salon da ke farawa daga sifili, mai hawa da `i | (i + 1)` da sauka da `(i & (i + 1)) - 1`. Shi ma daidai ne, amma yankunan gurabunsa sun sha bamban da namu, kuma wanda ya ɗauko rabin wannan ya haɗa da rabin wancan zai sami amsoshi marasa kan gado.

Na biyu ya fi ɓuya: rubuta `i < n` a maimakon `i <= n` a cikin `kara`. Gurbi na ƙarshe ba zai taɓa samun komai ba, kuma tunda tambayar `n` ce kaɗai ke karanta shi, duk sauran amsoshin za su fito daidai. A jerinmu na asali, tambayar 12 za ta ba da 23 a maimakon 38. Idan gwaji ya nuna cewa jimillar jerin gaba ɗaya ce kawai ba daidai ba, wannan layin za a fara dubawa.

Na uku shi ne mantawa cewa `kara` ƙari yake yi, ba maye gurbi ba. Idan ana son `a[5]` ta koma 9 daga 5, bambancin ake miƙawa, wato 4. Saboda haka ya fi dacewa a ci gaba da riƙe asalin jerin a gefe ana sabunta shi, don a san tsohuwar lamba nan take. Alamar wannan kuskuren ita ce amsoshi suna daidai bayan gini, amma suna kumbura a duk lokacin da aka sauya wani gurbi.

Faɗaɗa jerin bayan an fara aiki ma yana da tarko. Idan aka ƙara gurabe huɗu masu sifili a kan bishiyarmu don ta kai 16, gurbi na 16 ya kamata ya ɗauki jimillar komai daga 1, amma an bar shi fanko, domin lokacin da ake yin sauye-sauyen baya, madaukin yana tsayawa ne a 12. Tambayar 13 za ta fito daidai, tunda ta bi ta 12 da 8, amma tambayar 16 za ta rasa duk tsofaffin lambobin. Mafita ita ce a ware girman da ake buƙata tun farko, ko a sake gini idan an faɗaɗa. A harsuna irin su C++ da Java kuma a kula da girman lamba: `int` mai bit 32 yana tsayawa a 2,147,483,647, kuma gurabe irin su 8, 16 da 1024, masu ɗauke da dogayen yankuna, su ne ke fara cika su zube. Jimilla mai ɗauke da alamar ragi alhali duk lambobin ba su da ita alama ce ta haka, kuma maganinta `long long` ne ko `long`.

Hanyar gwajin da na fi amincewa da ita ba ta da wahala: a ƙirƙiri ƙaramin jeri na lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, a yi sauye-sauye da yawa, bayan kowanne a kwatanta `jimilla(i)` da `sum(a[:i])` ga kowane `i` daga sifili har zuwa `n`. A gwada tsawon 1, da tsawon 8, da tsawon 12, domin kurakuran gefe a nan suke fitowa.

Iyakar tsarin tana fitowa ne daga ragin da muka yi a mataki na uku. Mun sami jimillar 8 zuwa 11 ne domin ana iya cire jimillar 1 zuwa 7 daga ta 1 zuwa 11, kuma haka yake ga `xor`, wanda ke warware kansa. Neman lamba mafi girma ba shi da irin wannan juyi: sanin cewa mafi girma daga 1 zuwa 11 ita ce 7, kuma daga 1 zuwa 7 ita ce 6, ya faɗa mana amsar 8 zuwa 11 a wannan karon kawai domin babbar ta faɗo a ciki; da 7 ɗin tana gurbi na 2, da ba mu san amsar yankin ba. Ana iya amfani da bishiyar don mafi girma daga farko zuwa `i` muddin lambobin ƙaruwa kawai suke yi, amma idan suna raguwa, ko ana tambayar kowane irin yanki, ya fi sauƙi a koma ga bishiyar yankuna, wadda ke cin aƙalla ninki biyu na gurabe amma take ajiye amsar kowane rabi daban.